Na danna Ctrl+A, mutumina ya tashi sama: gyaran girma da juyi a animeshon na FBX

"Malam, na sauko da mutum da tafiyarsa daga Mixamo a fayil ɗin FBX, na shigo da shi Blender. Sai na ga Armature ɗin yana da Scale 0.01 da Rotation X 90. Na danna Ctrl+A don su koma 1 da 0. Da na kunna animeshon, mutumin ya yi fitar burgu ya ɓace daga allo. Da na kai shi Unity kuma sai na tarar da Scale 100 da juyi -89.98. A ina ya kamata in gyara?"

Ɗan'uwa, 0.01 da 90 ɗin nan da ka gani ba kuskure ba ne, fassara ce. Blender ne ya rubuta su da gangan don ya daidaita fayil ɗin da duniyarsa. Da ka share su, sai ka fassara rabin kayan ka bar rabi a harshensu na asali, kuma rabin da ka bari shi ne ya ɗauke mutuminka. Bari mu bi abin daga tushe, domin idan ka gane inda lambobin suke zaune, ba za ka sake buƙatar haddar saiti ba.

Abin da fayil ɗin yake faɗa game da kansa

Fayil ɗin FBX lambobi ne tsagwaronsu. An rubuta cewa ƙashin ƙugu yana tsawo 98, amma lambar ita kaɗai ba ta ce santimita ba ce ko mita. Haka kuma ba ta ce "tsawo" yana kan layin Y ko na Z ba. Wannan bayanin yana can saman fayil, a wani sashe mai suna GlobalSettings. Idan fayil ɗin irin na rubutu ne, za ka iya buɗe shi ka karanta da idonka:

```
P: "UpAxis", "int", "Integer", "",1
P: "UnitScaleFactor", "double", "Number", "",1
```

A layin farko 0 na nufin X, 1 na nufin Y, 2 na nufin Z. Wato wannan fayil yana cewa samansa Y ne. Layi na biyu yana faɗin santimita nawa ke cikin awo ɗaya: 1 santimita ce, 100 mita ce, 2.54 inci ne. FBX da santimita yake lissafi tun asali, tun zamanin kamfanin Kaydara da ya ƙirƙiro shi don aikin ɗaukar motsin jiki, kafin ya faɗo hannun Autodesk a 2006.

To manhajojin ba su yi ittifaƙi a kan waɗannan abubuwa biyu ba. Maya tana aiki da santimita, samanta Y, kuma haka fayilolin Mixamo suke zuwa. Blender mita yake ƙirgawa, samansa Z. Unity ya ɗauki mita irin ta Blender amma samansa Y. Unreal kuwa santimita ce da Z. Ka ga kowane biyu da ka haɗa, sai sun saɓa a ɗaya ko a duka biyun.

Da Blender ya buɗe fayil ɗinka ya ga santimita da Y, hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya bi kowace lamba da ke ciki, ta ƙashi da ta fata da ta kowane firam na motsi, ya sake lissafa ta; ko kuma ya bar komai yadda yake ya ɗora fassarar a kan uban gayya, wato Armature, abin da ke riƙe da duk ƙasusuwan. Ta biyun ya zaɓa. Ya ce wa Armature: duk abin da ke cikinka a rage shi sau ɗari, a kuma tayar da shi tsaye da digiri 90 a kan X. A cikin Armature har yanzu santimita ake yi, Y ne sama. A waje ne kawai ake ganin mutum mai tsawon mita 1.8 a tsaye.

Me ya sa ya tashi

Mu ɗauki mutum mai tsawon santimita 180, ƙugunsa a 98, wanda a zagayen tafiya ɗaya yake matsawa gaba santimita 140, ƙugun kuma yana ɗan hawa da sauka kamar santimita 3. A cikin animeshon ɗin, ƙashin ƙugu yana da lambobin Location da suke tashi daga 0 zuwa 140 a gaba, da wasu masu kai-komo a tsakanin 3. Muddin 0.01 na kan Armature, 140 sau 0.01 mita 1.4 ce. Tafiya lafiya lau.

Ctrl+A yana taɓa tsayuwar hutu ne kawai, wato yadda ƙasusuwa suke kafin a motsa su. Ya mayar da 98 ta koma 0.98, ya mayar da Scale 1. Amma bai leƙa cikin Action, wato inda lambobin motsi suke, ba ko kaɗan. Lambar 140 tana nan daram, sai dai yanzu babu mai rage ta, don haka ta zama mita 140. Hawa da saukar santimita 3 ta zama tsallen mita 3. Mutuminka bai ɓace ba. Da za ka zaɓe shi ka danna maɓallin ɗigo na Numpad, za ka same shi can nesa yana tafiyarsa, ƙafafu da hannuwa suna motsi daidai.

Wannan motsin gaɓoɓi da ya tsira shi ne shaidar da za ka riƙe. Juyin ƙashi ba ruwansa da awo: gwiwar da ta lanƙwashe digiri 40 a santimita, digiri 40 ce a mita. Lambobin wuri ne kaɗai suke da awo, kuma a irin wannan ƙwarangwal ƙugu ne yake ɗauke da kusan dukkan tafiyar. Saboda haka duk lokacin da ka ga gaɓoɓi suna aiki daidai amma jiki gaba ɗaya yana shawagi, kada ka ɓata lokaci a kan fata ko nauyin da aka shafa wa ƙasusuwa. Matsalar tana kan lambobin Location.

Juyin 90 ɗin kuwa, share shi bai cika yin ɓarna ga motsin ƙasusuwa ba. Dalili shi ne Blender yana ajiye motsin kowane ƙashi bisa layukan ƙashin kansa, ba bisa na duniya ba. Idan aka tayar da ƙwarangwal, layukan kowane ƙashi suna tashi tare da shi, "gaba" ɗin ƙugu yana nan gaba. Shi ya sa a Blender za ka ga hawa da saukar ƙugu a kan layin Y na ƙashin, alhali a duniya Z ne sama. Kada wannan ya ruɗe ka.

Hanyoyi biyu masu tsabta

Ga abin da zai ba ka haushi kaɗan. Da ba ka taɓa komai ba, da ka fitar da fayil ɗin da saitin da Blender ya zo da shi, da ka isa Unity da Scale 1 da juyi 0. Saitin asali na Apply Scalings shi ne All Local, wanda yake rubuta fayil a santimita ya ninka uban gayya sau 100. Haka kuma Forward -Z da Up Y suna ɗora juyin -90 a kan X. Armature ɗinka yana ɗauke da 0.01 da 90. To 0.01 sau 100 ɗaya ne, 90 da -90 sifili ne. Fassarar shigowa da ta fita sun cinye juna. Kai kuma ka share ta shigowa, sai ta fita ta tsaya ita kaɗai a fili: 100 da -89.98.

Wannan ita ce hanya ta farko, kuma ita nake ba kowa shawara idan Blender mashiga ce kawai. Idan abin da za ka yi bai wuce yanke animeshon, ko canza masa suna, ko haɗa motsi uku a fayil ɗaya ba, to bar 0.01 da 90 su yi zamansu. Munin gani ne da su, amma ba sa cizo.

Hanya ta biyu ta wanda zai zauna ya yi aiki a kan ƙwarangwal ɗin ce: zai ƙara ƙasusuwan sarrafawa, zai ɗinka tufafi masu kaɗawa, zai haɗa shi da wasu kayan da aka gina da mita. A nan 0.01 yakan dame ka, domin duk abin da ka ɗaura a ƙarƙashin ƙashi zai gaji ƙanƙantar, lambobin da kake bugawa kuma santimita ne a wuri ɗaya, mita a wani. Sai a yi fassarar gaba ɗaya, a kuma canza saitin fitarwa ya dace da ita. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ɗaukar rabin wannan hanya a haɗa da rabin waccan. Idan ka bar 0.01 ka fitar da FBX All, za ka tarar da 0.01 a Unity. Idan ka share ka fitar da All Local, ka riga ka ga sakamakon.

Yadda ake bin hanya ta biyu

Fara da sabon shigowa, kada ka yi ƙoƙarin ceto fayil ɗin da aka riga aka yi wa gwaje-gwaje. Je firam na ƙarshe ka duba inda ƙugu ya tsaya a duniya, ka rubuta a takarda. A misalinmu mita 1.4 ne gaba. Wannan lambar ce alƙalinka a ƙarshe.

Zaɓi Armature tare da duk fatun da ke ƙarƙashinsa, jiki da ido da tufafi, sannan Ctrl+A ka zaɓi Rotation & Scale. Bi su ɗaya bayan ɗaya ka tabbatar kowanne ya nuna Scale 1 da Rotation 0. Idan Armature kaɗai ka yi wa, Blender yakan sauke 0.01 ɗin a kan 'ya'yansa don kada su motsa daga inda suke, ka ga an gudu ba a tsira ba.

Yanzu sai lambobin motsi. Shiga Pose Mode ka zaɓi duk ƙasusuwa, ka buɗe Graph Editor. A akwatin bincike rubuta `location` don layukan wuri kaɗai su rage. Mayar da Pivot Point zuwa 2D Cursor, ka tabbatar ƙimar Cursor ɗin a tsaye sifili ce cif. Danna A, sannan S, Y, ka buga 0.01, ka danna Enter. Maganar sifilin nan ba wasa ba ce. Idan ka bar Pivot a tsakiyar abin da ka zaɓa, layukan za su ƙanƙance ne zuwa tsakiyarsu, ba zuwa sifili ba. Tsawon takun zai yi daidai, amma mutumin zai fara tafiyar daga wani wuri mai nisan mita da yawa. Na taɓa kwashe yamma guda ina neman abin da ya rataye mini mutum a iska, ashe wannan ne kawai.

Idan motsin da yawa ne, da hannu akwai gajiya da mantuwa. Zaɓi Armature ka gudanar da wannan a Text Editor:

```python
import bpy
act = bpy.context.object.animation_data.action
for fc in act.fcurves:
    p = fc.data_path
    if p.startswith("pose.bones") and p.endswith(".location"):
        for k in fc.keyframe_points:
            k.co.y *= 0.01
            k.handle_left.y *= 0.01
            k.handle_right.y *= 0.01
        fc.update()
```

Sau ɗaya ake gudanar da shi a kan kowane Action. Idan ka maimaita, 140 za ta koma 0.014, mutumin ya riƙa taka ƙafa a wuri ɗaya. Daga Blender 4.4 an sake tsarin Action, an kawo Slots, kuma a 5.0 `act.fcurves` ya daina aiki. A can sai ka ɗauko layukan ta `act.layers[0].strips[0].channelbag(slot).fcurves`, inda `slot` shi ne `animation_data.action_slot` na Armature ɗin. Sauran lissafin bai canza ba.

Akwai wani tarko a gefe. Wasu fayiloli, musamman waɗanda suka taɓa fita daga Blender, suna da lambobin motsi a kan Armature kansa, ba ƙasusuwa kaɗai ba. Za ka gan su a ƙarƙashin Object Transforms. Alamarsu ita ce ka yi Ctrl+A, komai ya yi kyau, da ka taɓa firam sai mutumin ya zama ƙwaro ko ya kife, domin Action ya dawo da 0.01 da 90 a kan ƙwarangwal ɗin da aka riga aka fassara. Idan layukan a miƙe suke ba sa canzawa daga farko zuwa ƙarshe, goge su kawai. Idan kuwa Location na Armature ne yake ɗauke da tafiyar da gaske, bar shi, kuma kada ka ninka shi da 0.01, domin shi tun farko da awon duniya aka rubuta shi. Shi ya sa na sa sharaɗin `pose.bones` a rubutun can.

Koma firam na ƙarshe. Idan ƙugu ya tsaya a mita 1.4 kamar yadda ka rubuta, ka gama da Blender.

Wajen fitarwa, sa Apply Scalings a FBX All. Idan Scale na sama yana 1.00, FBX Units Scale ma sakamako ɗaya zai ba ka. Abin da wannan yake yi shi ne ya rubuta UnitScaleFactor 100 a saman fayil, wato ya ce "ni da mita nake magana", maimakon ya ninka Armature. Cire alamar Add Leaf Bones, in ba haka ba za ka tarar da ƙarin ƙasusuwa masu ƙarewa da `_end` a bakin kowane yatsa. Apply Transform kuwa kada ka kusance shi idan akwai ƙwarangwal. Yana gyara juyin kujera da tebur da kyau, amma su kansu masu Blender sun rubuta a jikinsa cewa na gwaji ne kuma yana lalata ƙwarangwal da animeshon.

Batun -89.98

Bayan duk wannan, a Unity za ka ga Scale ya koma 1, amma Armature yana nan da -89.98 a kan X. Digiri 90 ne. Unity yana ajiye juyi a wata siga ta lambobi huɗu, kuma idan zai mayar da ita digiri don ya nuna maka, dab da 90 lissafin yakan ɗan zame. Ba karkata ba ce da ido zai gani.

Ra'ayina a nan ba kowa ne zai yarda da shi ba: ga mutum mai ƙwarangwal, ina barin wannan juyin. Abin da kake ja cikin fage, wanda yake ɗauke da Animator da rubutun sarrafawa, shi ne uba na can sama, kuma juyinsa sifili ne. Armature ɗa ne a ƙarƙashinsa. Muddin uban yana fuskantar Z, kuma mutumin ma can yake kallo, `transform.forward` zai ba ka gaba na gaskiya. Scale 100 kam ba na barinsa, domin duk takobi ko fitilar da ka ɗaura a ƙashin hannu za ta kumbura sau ɗari, haka ma duk Collider da ka sa a ƙashi sai ka riƙa buga masa lambobi irin 0.001.

Idan dai juyin ya tsaya maka a rai, ko kuma fayil ɗin abu ɗaya ne tak wanda juyin ya hau kan uban kansa, akwai Bake Axis Conversion a shafin Model, wanda ya shigo tun Unity 2020.1. Sai dai mutane suna danna shi su ga bai yi komai ba, su ce ba ya aiki. Yana gasa fassarar da Unity ne zai yi. Idan Blender ya riga ya juya Armature ya rubuta "samana Y ne", to a wurin Unity babu sauran fassara, -90 ɗin ya ɗauke shi a matsayin nufinka. Don ya yi aiki, a Blender ka sa Up a Z Up, ka cire alamar Use Space Transform, ta yadda fayil zai faɗi layukansa kawai ba tare da an juya kowa ba. Sannan ka duba inda mutumin ya fuskanta a Unity. Idan ƙeya ya ba kibiyar Z, sauya Forward tsakanin Y da -Y ka sake fitarwa. Saitin da ya ba ka daidai, ajiye shi a Operator Presets, ka fitar da kowane fayil na aikin da shi.

Abu ɗaya da ba a yi: kada ka gyara fuskanta da Scale -1. Blender da Maya tsarin hannun dama suke bi, Unity da Unreal na hagu, kuma mai shigo da fayil ya riga ya kula da wannan da kansa. Idan ka ƙara naka, hagu ya koma dama, fata kuma ta iya juyewa ciki ya koma waje.

Inda aka fi faɗawa: jiki a fayil ɗaya, motsi a wani

Kusan duk wanda ya warware matsalarka, bayan kwana biyu yakan dawo da ƙanwarta. Ya gyara mutumin ta hanya ta biyu, sannan ya sauko da sabon motsi, gudu ko tsalle, ya jefa shi kai tsaye cikin Unity bai bi da shi ta Blender ba. Yanzu jiki ya bi hanya ɗaya, motsi ya bi wata.

Abin da zai faru ya dogara da Animation Type a shafin Rig. A Generic, Unity yana ɗaukar lambobin motsi ya zuba su a kan ƙasusuwa masu suna iri ɗaya a jeri iri ɗaya, ba tambaya. Idan jerin ya bambanta, misali jikin yana da Armature a saman ƙugu amma fayil ɗin motsi ba shi da shi, mutumin zai sandare ba zai motsa ba sam. Idan jerin ya zo ɗaya amma awo ya saɓa, zai dunƙule kamar an murƙushe takarda, ko ya miƙe gaɓoɓi su yi tsawon igiya. Idan kuma juyin uba ne ya saɓa, zai tsaya ƙyam a fage, da ka danna Play sai ya kwanta ya ci gaba da gudu a kwance.

A Humanoid kuwa Unity yana mayar da motsin wata siga tasa da ba ta damu da girman jiki ko layukan ƙashi ba, sannan ya ɗora a kan Avatar, wato taswirar ƙasusuwan mutumin. Shi ya sa sau da yawa sauya zuwa Humanoid yakan share matsalar nan take, kuma ga mutum mai hannu biyu da ƙafa biyu halal ne ka yi amfani da shi. Amma ka sani rufe ta ya yi. Doki da gizo-gizo da mota ba su da wannan mafita, haka ma ƙarin ƙasusuwan jela ko mayafi da ba sa cikin taswirar Avatar, su ta tsohuwar hanya suke bi.

Scale Factor na Unity ma haka yake. Idan ka canza shi a fayil ɗin jiki, dole ka sa lamba ɗaya a kowane fayil na motsi, kuma Convert Units ya zama iri ɗaya a dukkansu. Ni dai na fi so in bar shi a 1 ko'ina in gyara daga tushe, domin fayil na arba'in da wani zai ƙara wata shida nan gaba ba zai tuna da lambar ba.

Irin wannan saɓanin yana faruwa a cikin Blender ma, ta wata ƙofa dabam. A Blender dole layin Y ya bi tsawon ƙashi, a Maya kuwa gaɓa tana iya fuskantar ko'ina, kuma an fi sa X ya bi tsawon. Shi ya sa wasu ƙwarangwal suke shigowa da ƙasusuwa a tsaitsaye kamar ƙayar bushiya, alhali motsi yana tafiya daidai. Automatic Bone Orientation yana kwantar da su su yi kyan gani, amma ya canza layukan kowane ƙashi ke nan. Idan ka shigo da jiki da wannan alamar, ka shigo da motsi babu ita, ka ɗora Action na biyun a kan na farkon, hannuwa za su murɗe ta baya. Babu ninki ko juyin uba da zai gyara wannan, domin kowane ƙashi da irin tasa karkatar. Sake shigo da su biyun da saiti ɗaya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Karanta alamar kafin ka taɓa saiti

Idan wani fayil ya zo maka daga manhajar da ba ka sani ba, ajiye akwati mai mita 2 kusa da shi ka kwatanta. Ninkin da ka samu shi zai gaya maka mai laifi. Ɗari, mita ce da santimita. Idan 2.54 ne, inci ne aka karanta a matsayin santimita, kuma yawanci daga 3ds Max yake, domin awonsa na asali inci ne. Idan kusan 39.37 ne, inci ne da mita. Ninkin da bai yi kama da ko ɗaya ba, irin 7 ko 13, ba laifin fassara ba ne, wanda ya gina abin ne bai kula da awo ba, sai dai a daidaita da ido.

Idan wata rana aikin ya koma Unreal, labarin ɗaya ne amma haƙurinsa ya fi ƙaranci. Ƙashin tushe mai Scale 100 yakan ɓata Physics Asset da Socket da kuma ɗora motsin wani a kan wani. Abin da aka saba yi shi ne a sa Unit Scale na fagen Blender a 0.01, ta yadda awo ɗaya zai zama santimita, a bar ƙwarangwal da lambobinsa na 180 da Scale 1. Lura cewa a nan lambobin motsinka na asali, 140 da 3, su ne daidai, ba a rage su. A bar sunan abin a `Armature` kuma, domin mai shigo da FBX na Unreal da aka daɗe ana amfani da shi yana gane wannan sunan ya tsallake shi, amma idan ka canza, sai ya ƙirga shi a matsayin ƙarin ƙashin tushe.

Ninkin 0.01 da na ba ka yana da iyaka. Yana aiki ne a kan motsin da aka riga aka gasa a ƙasusuwa, irin na Mixamo, inda babu komai sai lambobi a kowane firam. Idan ƙwarangwal ɗin yana da nasa ƙa'idojin da aka gina a Blender, irin Limit Distance ko Stretch To ko Drivers masu karanta nisa, su ma suna riƙe da tsayi a tsohon awo, kuma Ctrl+A ba lallai ya bi ta kansu ba. A irin wannan, ko dai ka bi su ɗaya-ɗaya ka gyara, ko ka fara gasa motsin da Bake Action, da alamar Visual Keying da Clear Constraints, a kan kwafin fayil, sannan ka yi Ctrl+A da ninkin a kan kwafin.